Tantance Magana Kafin a Sa Ta Cikin Waƙar Addini

Mai waƙar bege ko ta wa'azi da ya sa "Manzon Allah ya ce" a cikin baiti ya zama mai ruwaya, kuma hukuncin ruwaya ya hau kansa. Buhari da Muslim sun kawo gargaɗin wuta ga wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan. Waƙa kuwa saurin shiga ƙwaƙwalwa gare ta. Da zarar yara da mata a cikin gidaje sun haddace baiti, gyaransa ya yi wuya.

Aikin farko shi ne neman lafazin Larabci na maganar, domin da Hausarta kaɗai ba a samunta a littafi. Daga nan sai a duba littattafan da aka rubuta musamman don maganganun da suka shahara a bakin jama'a, kamar Al-Maƙasidul Hasana na Sakhawi, wanda ya rasu a shekara ta 902 bayan Hijira, da Kashful Khafa na Ajluni. An jera maganganun cikinsu bisa haruffa, kowace da hukuncinta.

Misali shi ne maganar neman ilimi ko da a birnin Sin, wadda mawaƙa ke so ƙwarai. An ruwaito ta daga Anas, amma ta hannun wani mai suna Abu Atika, wanda Buhari ya ce hadisinsa abin ƙi ne. Ibn Hibban ya ce maganar ba ta da asali, Ibnul Jauzi kuma ya sa ta cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Sai dai a haɗe da ita akwai wani yanki da ke cewa neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi. Wannan yankin Ibn Majah ya kawo shi, kuma malamai da dama sun inganta shi saboda yawan hanyoyinsa. Ko a nan ma akwai tarko: ƙarin kalmar "da Musulma" da ake ji a bakin mutane, Sakhawi ya ce ba ya cikin hanyoyin hadisin, ko da yake ma'anarsa daidai ce. Mawaƙi zai iya jingina farillar ilimi ga Annabi, ya ambaci mata da muryar kansa, ya bar Sin a matsayin zancen hikima.

Ko maganar ta inganta, kari da amsa-amo sukan tilasta ragi ko ƙari, har mustahabbi ya koma wajibi. Shi ya sa ake karanta wa malamin hadisi baitin bayan an gama tsara shi, tare da lafazin asali a gefe. Idan baitin ya kauce wa ma'anar, a sake shi, ko a mayar da "Annabi ya ce" zuwa "magabata sun ce" in har an tabbatar da wanda ya faɗa.