Harajin kuɗin haya: ribar ake lissafawa

Masu gidaje da yawa a Najeriya na ɗauka cewa hukumar haraji za ta ɗora lissafinta a kan duk abin da ɗan haya ya biya. Ba haka ba ne. Kuɗin haya yana cikin kuɗin shigar mutum, kuma hukumar harajin jihar da yake zaune ce ke karɓa, amma sai an cire abin da aka kashe wajen samo kuɗin.

A ɗauka wani ya ba da hayar gidansa a Kano a kan naira miliyan 2 a shekara. Ya biya dillali dubu 200, ya kashe dubu 300 wajen gyaran rufin da ke yoyo da fenti, sai inshorar gidan dubu 50. Jimilla dubu 550 ke nan. Ragowar miliyan 1 da dubu 450 ita za a haɗa da albashinsa ko ribar kasuwancinsa, sannan a ƙididdige harajin.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bambanta gyara da ƙari. Sauya kwanon da ya ɓule gyara ne, domin gidan ya koma yadda yake a da. Amma gina sabon ɗaki ko ɗora bene jari ne aka zuba, ba a cire shi cikin kuɗin gyaran shekara. Idan kuma mai gidan yana zaune a sashe ɗaya, kason sashen haya kawai zai cire.

Kuma a adana rasidi. Magini ko mai fenti ya rubuta aikin da ya yi da abin da ya karɓa, domin jami'in haraji na iya ƙin amincewa da kashe kuɗin da ba shi da shaida.