Maganin ciwo: a duba sinadarin da ke ciki kafin a sha

A kasuwar Filinge da ƙauyukan ƙasar Kurfai ana samun maganin ciwon kai da na mura masu sunaye iri-iri. Sau da yawa sunan ne kawai ya bambanta, amma sinadarin da ke ciki ɗaya ne. Wanda bai sani ba yana iya shan magani ɗaya ninki biyu.

Sau da yawa kwalin magani yana da suna biyu. Babban rubutu shi ne sunan da kamfani ya raɗa masa. Ƙaramin rubutun da ke ƙasa ko a gefe shi ne sunan sinadarin, tare da yawansa. Harufan "mg" suna nufin miligiram.

Sinadarin da aka fi sha shi ne farasitamol, wanda ake rubutawa Paracétamol. Shi ne a cikin Doliprane da Efferalgan da Panadol, kuma yana cikin Fervex, maganin mura. Baligi mai nauyin fiye da kilo 50 kada ya sha fiye da miligiram 1000 a lokaci ɗaya, kuma ya bar aƙalla awa 4 kafin ya sake. A yini da dare miligiram 3000 sun isa. Ko da umarnin likita, ba a wuce 4000.

Ga misali. Mura da ciwon kai sun kama wani manomi. Ya sha Doliprane mai 500, ƙwaya biyu-biyu sau uku, wato 3000. Ya ƙara da ƙunshi uku na Fervex, kowane da 500, wato 1500. Da dare maƙwabci ya ba shi Efferalgan mai 1000. Jimilla 5500 ke nan, ya wuce iyaka da 1500, alhali yana zaton magani uku daban-daban ya sha.

Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa. A ranar farko mutum yana iya jin tashin zuciya kawai, ko ma bai ji komai ba. Bayan kwana biyu zuwa uku ciwo yakan bayyana a gefen dama na ciki, idanu su yi rawaya kamar na mai shawara. Saboda haka wanda ya wuce iyaka ya tafi asibiti nan take tare da kwalayen maganin, domin makarinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Haka kuma Ibuprofène da Diclofénac da Aspirine dangi ɗaya ne, ba a haɗa biyu daga cikinsu. Haɗa su yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana kuma cutar da ƙoda. Baƙin bayan gida ko aman jini alama ce ta zuwa asibiti da gaggawa.

Idan ƙwaya ba ta da kwali, ko rubutunta ya goge, kada a sha sai an nuna wa ma'aikacin lafiya.