Man Da Ba Ya Son A Bar Shi

Shekararta 23, tana aikin ɗinki a wata unguwa a cikin Kano, kuma ba da niyyar bilicin ta fara ba. Wasu ƙuraje ne suka fito mata a kumatu, suka warke suka bar tabo baƙi, ga bikin ƙawarta ya matso. Aka nuna mata wata mai haɗa man gyaran jiki. Matar ta miƙo mata roba fara, babu suna babu takarda, ta ce: "Ƙanwata, wannan ba bilicin ba ne, kalarki ta asali kawai zai fito miki da ita."

Cikin sati biyu tabon ya dushe, fuska ta yi sumul. A wurin biki har tambayarta ake yi me take shafawa. Daga fuska sai aka gangara wuya da hannu, don kada a ga kai daban jiki daban, daga nan kuma sai jiki duka, safe da dare. Haka ta yi fiye da shekara.

Abin da ke cikin irin wannan roba sananne ne ga likitocin fata. Yawanci abu uku ne, ko ɗaya daga ciki, ko duka a cakuɗe. Akwai haidirokinon, wanda ke hana fata sarrafa melanin, sinadarin da ke ba ta launi yake kuma kare ta daga rana. Akwai zaiba, wadda ita ma aikinta ke nan, sai dai tana ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda da jijiyoyi. Na ukun shi ne sitiroyid mai ƙarfi, irin kulobetasol da betametason, waɗanda ake sayarwa a ƴan tub a kemis da kasuwa. Asalinsu magani ne, likita na rubuta su don cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi. Hasken da suke sa wa fata illa ce ta gefe, amma ita masu haɗi suka mayar abin sayarwa.

Labarin wannan budurwa labarin sitiroyid ne, kuma a ganina shi ya fi cancanta a fahimta, domin shi ne ke sa mace ta so dainawa ta kasa.

Alamar farko ƙuraje ne ƙanana, duk girmansu ɗaya, suka feso mata a goshi da ƙirji da gadon baya. Kurajen balaga sukan zo manya da ƙanana a gauraye, waɗannan kuwa kamar an auna su. Sai fatar kumatu ta fara sirancewa har ana hango jijiyoyi ja ƙanana a ƙarƙashinta. In ta tsaya kusa da murhu, ko ta fita da rana tsaka, fuskar sai ta ɗau zafi da raɗaɗi. Gabobin yatsu suka tsaya baƙi ƙirin alhali bayan hannu ya yi fari. A hammata da cinyoyi nankarwa ta ɓullo, mai faɗi, ja-ja, ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba kuma ba ƙiba ta yi ba. Sannan wani ƙaiƙayi a matsematsi da ƙarƙashin mama, wanda in ta shafa man ya lafa, gobe ya ƙara faɗi.

Ta koma wurin mai haɗin. "Datti ne ke fita, Hajiya. Kada ki tsaya yanzu, in kin tsaya ne za ki lalace." Aka ƙara mata wata robar da aka ce ta fi ƙarfi.

Ran da mahaifiyarta ta ga cinyarta tana canza zane, ta ɗauke robar ta jefa a shara. "Wallahi kin gama da wannan abin." Kwana uku ko huɗu bayan haka fuskar ta kumbura, ta yi ja, tana zafi kamar an watsa barkono, fatar tana saɓulewa. Barci ya gagara. A kwana na shida ta aiki ƙaninta a ɓoye ya sayo mata wata robar. Ta shafa, washegari komai ya lafa. Ita da mai haɗin duk suka ɗauki wannan a matsayin shaida cewa man magani ne.

Ba magani ba ne, ga abin da ya faru. Sitiroyid yana matse ƙananan jijiyoyin jini na fata, yana kuma danne garkuwar fata. In aka daɗe ana shafawa, fata ta saba zama a matse. Ana janye shi lokaci guda sai jijiyoyin su buɗe fiye da kima, kumburin da aka danne ya taso gaba ɗaya. Sabon shafi yana kwantar da wutar da shi kansa man ya kunna. Shi kuwa ƙaiƙayin matsematsi makero ne. Sitiroyid na kashe ƙaiƙayinsa da jan bakinsa, amma yana buɗe masa hanya ya yaɗu, har kamanninsa su canza ya zama da wuyar ganewa.

Sai da wata ƴar'uwarsu ma'aikaciyar jinya ta matsa aka kai ta sashen fata na asibitin koyarwa. Ta ce mata ta tafi da robar, kuma shawara ce mai kyau. Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambayi tun yaushe, sau nawa a rana, wane sashe na jiki, roba ɗaya kwana nawa take yi. Budurwar ta taɓa ganin ana haɗin a gabanta: tub shida ake matsewa a cikin man shafawa, kowane giram 30. Ke nan giram 180 a roba, robar kuma sati uku take yi mata. Lissafi ya ba da giram 60 a sati. Ƙa'idar kulobetasol ga mara lafiyar da likita ya rubuta wa ita ce kada a wuce giram 50 a sati, kuma na ƴan makonni kaɗan, ba a fuska ba, ba a hammata ko matsematsi ba. Ita kuwa ta haura shekara.

Shi ya sa likitar ba ta tsaya a fata ba. Aka auna hawan jini, aka auna sukari, aka duba fitsari ko akwai furotin a ciki, wanda kan nuna zaiba ta taɓa ƙoda. Aka ce ta dawo da sassafe a ɗebi jini a auna kotisol. Wannan sinadari ne da wasu ƴan halittu biyu da ke saman ƙoda ke fitarwa, shi ke riƙe jiki lokacin zazzaɓi ko rauni ko tiyata. In sitiroyid na shigowa ta fata kullum, sai su rage aiki. Mai irin wannan hali in ta yanke man rana ɗaya, tana iya faɗawa cikin kasala mai tsanani, jiri, amai, jini ya yi ƙasa. Niyyar mahaifiyar daidai ce, amma jefa robar a shara rana ɗaya yana da haɗarinsa ga wadda ta daɗe tana shafe jiki duka.

Hawan jininta ya ɗan ɗaga, sukari da fitsari lafiya, kotisol ya yi ƙasa amma bai kai na tashin hankali ba. Sai aka tsara mata sauka a hankali. Robar haɗi an bar ta daga ranar, tunda babu wanda ya san me kuma ke cikinta. A madadinta aka ba ta sitiroyid mara ƙarfi wanda aka san awonsa, ana rage yawan kwanakin shafawa mako bayan mako har aka tsaya. Aka kankari fatar matsematsi aka duba, makero ne, aka ba ta ƙwayoyin sha na makonni, domin na shafawa kaɗai ba ya isa in ya yaɗu haka. Ƙurajen fuska aka ba su nasu maganin, bayan an tabbatar ba ta da ciki. Sauran kuwa abubuwa ne masu sauƙi: sabulu mara ƙamshi, ban da soso mai kaushi, basilin ko man kaɗanya tsantsa bayan wanka, man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama a fuska da hannu, da guje wa ranar tsaka. Dilka da kurkum da lemon tsami duk aka ce a dakata, fatar da ta sirance ba ta jure gurza.

Likitar ta gaya mata wata magana tun ranar farko, kuma ina jin ita ta hana ta komawa. "Za ki yi baƙi fiye da yadda kike a da. Ki sa wannan a ranki tun yanzu." Fatar da aka hana melanin, aka bar ta a rana babu kariya, sannan ta yi kumburi, in ta samu sarari sai ta zuba launi da yawa, kuma ba daidai ba, wani wuri ya fi wani. A wata na biyu da na uku ne abin ya fi muni, kuma nan ne mata da yawa ke karaya. Ba ciwon ne ya fi damun ta a lokacin ba, bakin mutane ne. Wata mai kawo ɗinki ta dube ta ta ce, "Lafiya kuwa? Ko jinya kika yi?" Ƙawayen da suka yaba hasken su ne suka fara kawo mata sunan wata sabuwar mai haɗi wadda ta ce nata na gargajiya ne zalla. Man da aka ce na itatuwa ne amma ya canza launin mutum cikin kwana goma, akwai abin da ba a faɗa ba a cikinsa. Babu ganye ko saiwar da ke wannan aikin da wannan saurin.

Hukuma ta san da matsalar. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar al'umma a Najeriya. Amma robar da aka haɗa a ɗaki aka sayar hannu da hannu ba ta bi ta gaban wani jami'i, kuma tub ɗin da ya kamata a sayar da takardar likita ana samunsa babu tambaya.

Wajen wata na takwas launinta ya daidaita, ya koma kusa da na hotunanta na makarantar sakandare. Ƙurajen sun tafi, makero ya warke, hawan jini ya sauka, gwajin kotisol na biyu ya fito daidai. Nankarwar ta dushe daga ja zuwa fari-fari, amma tana nan, kuma likitar ba ta ɓoye mata ba cewa ba za ta ɓace ba, domin abin da ya tsage a can ƙarƙashin fata yake. A saman kumatunta kuma akwai wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ƴan ɗigo-ɗigo, wanda ya nuna robar tana da haidirokinon. Wannan tabo yana zama ne a cikin fata mai zurfi, likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana shi tun 1975 a jikin masu shafa irin waɗannan mayuka. Mai shi takan ɗauka baƙin ne ya dawo, sai ta ƙara mai, shi kuma ƙarin man ke ƙara shi. Nata an tare shi da wuri, bai wuce faɗin kwabo ba a kowane kunci. Yana da wuyar magani ƙwarai, don haka abin da aka sa a gaba shi ne kada ya ƙaru, kuma tana komawa asibiti duk bayan wata uku a duba shi.