Albashin takarda da albashin aljihu: yadda ake auna ayyuka biyu

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya koma cikin manyan abubuwan da ke cinye albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin Kano kuma ta sa wa ma'aikatanta 71,000. Amma ga matashin Gafasa a ƙaramar hukumar Ajingi, wanda kowane aiki sai ya hau abin hawa kafin ya iske shi, adadin da ke jikin takardar ɗaukar aiki ba shi ne abin da zai shiga gidansu ba.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da kowa zai iya musanyawa da nasa. An yi wa matashi tayin aiki biyu: masana'anta a Sharaɗa cikin birnin Kano a kan 120,000, kwana 26 a wata, da kuma ƙaramin shago a Gaya a kan 75,000, kwana 22.

Da farko a cire abin da ake yanka tun kafin alat ya shigo. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani kuma kashi 10. Idan an lissafa a kan duk albashin, za a yanke 9,600 a aikin Sharaɗa. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar komai a kansu, abin da ya biyo baya kuma kashi 15 ne, har a kai miliyan uku. Hakan ya kama 6,560 a wata, saura 103,840. Shagon Gaya ba ya yankan fansho, harajinsa 1,250 ne, saura 73,750.

Har yanzu Kano ce a gaba da kusan 30,000. Sai dai ba a kwana a Gafasa a kama aikin safe a Sharaɗa kullum, domin sai an ratsa Gaya da Wudil kafin a shiga cunkoson birni. Dole a kama ɗaki. A ce karo-karon haya 12,000 ne, adaidaita sahu 800 a yini wato 20,800, abincin waje 1,200 kullum wato 36,000, zuwa gida sau biyu 8,000. Abin da ya rage 27,040 ne kacal. Mai aikin Gaya kuwa a gida yake kwana, ya karya da kokon gida, ya dawo ya tarar da tuwo. In ya kashe 1,000 a acaɓa da 600 a abincin rana, 35,200 ne a wata, ya tsira da 38,550. Ƙaramin albashin ya wuce babban, ko da yake hatsin gida ma ba kyauta ba ne, kuma mai adalci zai ware masa wani abu.

A nan ne mai ɗaukar aiki zai ce, "Ai akwai obataim." In ana biyan 500 a awa, aka yi awa biyu na tsawon kwana 20, an samu 20,000, haraji ya ɗauki 3,000, Kano ta koma 44,040. Ta sake wucewa, amma da sharaɗi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke farashin awar obataim ba, ta bar shi ga yarjejeniya, don haka abin da ba a rubuta ba yana iya zama labari. Ƙari kan haka, masana'anta ba ta neman ƙarin awa sai tana da oda da wuta. A nemi tsohon ma'aikacin wurin ya nuna takardar albashinsa ta wata uku a jere. In adadin yana hawa da sauka, to a yi lissafi da watan da ya fi ƙanƙanta. A kuma tambaya ko ana yankan kuɗin makara, na kakin aiki ko na ƙungiya.

Akwai abubuwa biyu da ba sa fitowa a alat. Kuɗin fansho ba asara ba ne: 9,600 na ma'aikaci da 12,000 na kamfani suna taruwa ne a asusu mai sunansa, muddin ana zubawa. Wanda ake yanka masa amma kamfanin fansho bai taɓa turo masa saƙo ba, ya bincika da wuri. Na biyu shi ne gona. Mai aikin Gaya yana iya leƙa geronsa da gyaɗarsa da yamma, na Sharaɗa kuwa sai ya biya 'yan ƙwadago a noman farko da maimai, kuma wannan kuɗin daga albashin zai fita.

Saboda haka mai gona da iyali a Gafasa, a wannan lissafin Gaya ta fi masa. Saurayin da ke da ɗan'uwa a Sharaɗa wanda zai ba shi wurin kwana kusa da aiki ya huta da haya da adaidaita, wato 32,800, kuma a wurinsa Kano ce ta yi nasara ko da babu obataim.