Suna Ɗaya, Kalmar Sirri Ɗaya: Yadda Ake Kai Wayifai Ƙuryar Gida

A gidan bulo mai tsakar gida, rauta tana falon maigida, amma kafin sigina ya ratsa bango uku ya kai ɗakin ƙurya ya galabaita. Maganin da aka fi saye shi ne ekstenda, ƙaramar na'urar da ke karɓar wayifai ta sake watsa shi gaba.

A fara jona ta kusa da rauta. A ekstendar TP-Link, waya za ta ga `TP-Link_Extender`. A shiga, a buɗe `tplinkrepeater.net`, a zaɓi wayifan gidan, a rubuta kalmar sirrinsa. Da wannan kalmar ekstenda take shiga rauta. Daga nan za ta raɗa wa nata wayifan suna mai `_EXT` a ƙarshe. A goge wannan jelar domin sunayen su zama ɗaya.

A nan ake yawan tuntuɓe. `GidanMu` da `Gidanmu` suna biyu ne a wurin waya, don tana bambanta babban harafi da ƙarami. Haka irin tsaron: idan rauta tana kan `WPA2-PSK`, ekstenda ma ta zauna a kai. In sun saɓa, wata wayar za ta ɗauke ta baƙuwa ta sake neman kalmar sirri, wata kuma ta ƙi shiga sam. Ranar da aka canja kalmar sirri a rauta, dole a je a canja a ekstenda, in ba haka ba waya za ta nuna sigina cike amma babu abin da zai buɗe.

Sai wurin ajiyewa, wanda a ganina ya fi komai tasiri. Kada a kai ta ɗakin da babu sigina, domin abin da ta samu shi take rabawa. Tsakiyar hanya ya dace, misali baranda, inda waya ke nuna aƙalla sanda uku. Ko a can ma, ekstenda mai karɓa da watsawa a kan tasha ɗaya tana iya cinye kusan rabin gudun.

Suna ɗaya kuma ba ya tilasta wa waya sauya sheƙa. Ita ke zaɓa, kuma takan liƙe wa rauta mai nisa alhali ekstenda tana bisa kanta. Alamar ita ce sanda ɗaya kana tsaye kusa da na'urar. Kashe wayifai ka kunna, za ta koma kan ta kusa. Tsarin mesh ya fi iya wannan, don na'urorinsa suna nuna wa waya inda ya fi ƙarfi. Shi ba a rubuta masa suna da hannu: a manhajar kamfanin ake ƙara sabuwar na'ura, ta kwashi suna da kalmar sirri daga uwar. Sai dai a tabbata samfurinsu ɗaya, ko dukansu suna ɗauke da `EasyMesh`, kafin a biya kuɗi.