Jijiyoyin Haƙora da Allurar Kashe Zafi: Abin da Ɗalibi Zai Riƙe Domin Jarrabawar Baka

Akwai wata tambaya da masu jarrabawar baka suke son yi wa ɗalibin likitan haƙori. Ga ta: me ya sa in za a cire haƙorin sama ake yin allura a gindinsa, amma in turmin ƙasa ne sai a tafi can ƙuryar baki, nesa da inda ciwon yake? Ɗalibi da yawa ya haddace sunayen jijiyoyi, amma a nan yake tuntuɓe, domin rabin amsar ba a jijiya take ba, a ƙashi take.

Sai mu fara gyara kalma. Bahaushe yakan ce jijiya ga hanyar jini, ya kuma ce jijiya ga igiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Ta biyun muke nufi. In ta farkon ce za mu ce jijiyar jini.

Haƙoran baligi 32 duk uwa ɗaya ce ke ɗaukar jinsu, wato jijiya ta biyar daga cikin goma sha biyu masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira tirajeminal. Rassanta uku ne. Na farko ya nufi ido da goshi, babu ruwanmu da shi yau. Na biyu shi ke da muƙamuƙin sama, na uku kuma muƙamuƙin ƙasa.

Reshen sama yakan aiko da ƙananan jijiyoyi uku a kowane ɓangare. Ta baya ita ke kula da manyan turame. Ta tsakiya tana kula da ƙananan turame biyu, sau da yawa har da saiwa ɗaya ta babban turmi na farko, wato saiwar gaba ta wajen kunci. Ta gaba kuwa tana da fiƙa da haƙoran gaba. Ta tsakiyar nan ba kowa ke da ita ba, kuma in babu ita sai maƙwabtanta biyu su raba aikinta. Dasashin wajen ganɗa kuma nasa jijiyoyin daban ne: babbar jijiyar ganɗa daga baya, da wata mai saukowa daga hanci ta ɓullo a bayan haƙoran gaba.

To, ƙashin muƙamuƙin sama siriri ne, mai ƙananan ƙofofi kamar soso. In aka zuba magani a ƙarƙashin fatar baki daidai ƙarshen saiwa, sai ya tsotsa ta cikin ƙashin ya iske jijiyar. Cikin minti biyu ko uku haƙori ya mutu. Amma in cirewa za a yi, tilas a ƙara ɗan magani ta wajen ganɗa, domin wancan na farko bai kai can ba.

Muƙamuƙin ƙasa ba haka yake ba. Ƙashinsa a wajen turame mai kauri ne, kuma jijiyar haƙoran tana tafiya ne a cikin wani rami a tsakiyarsa. Maganin lidoken da aka zuba a gindin turmin baligi ba ya ratsa wannan bango yadda za a dogara da shi. Dabara ita ce a tare jijiyar tun kafin ta shiga ramin, a wata ƙofa da ke fuskar ciki ta reshen muƙamuƙi, can bayan turmin ƙarshe. Wannan hanya ta daɗe: a shekarar 1884 William Halsted da Richard Hall suka gwada ta a New York da hodar koken, tun kafin a harhaɗa lidoken a ƙasar Sweden a 1943.

Mu ƙaddara wani manomi ya taso daga ƙauyen Bukkuyum, ko daga wajen Anka, ya iso asibiti a Gummi bayan kwana biyar bai yi barci ba. Babban turminsa na farko na ƙasa, ɓangaren hagu, ya ruɓe, kuma sai an cire shi. Mai jarrabawa zai ce, jijiya nawa za ka kashe? Amsa ita ce uku: ta cikin ƙashi domin haƙorin kansa, ta harshe domin dasashin ciki, da ta kunci domin dasashin waje. Wanda ya ce ɗaya ya faɗi, kuma a asibiti manomin ne zai biya kuɗin wannan kuskure da ihu.

Ga yadda ake yi. Majinyaci ya buɗe baki iya ƙarfinsa. Likita ya ɗora babban yatsa a gefen gaba na reshen muƙamuƙi, ya ɗauko sirinji daga wajen ƙananan turamen dama, ya soka allura kimanin santimita 1 sama da fuskar haƙoran ƙasa. Ya tura a hankali har ya ji ta taɓa ƙashi, galibi a zurfin milimita 20 zuwa 25. Sai ya ɗan ja da baya, ya zuƙo ya duba. In jini ya shigo sirinji, bakin allura yana cikin jijiyar jini, sai a gyara wuri. In babu, ya zuba kimanin mililita 1.5 na lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 haɗe da adirenalin, sannu a hankali, wajen minti guda. Yana fitowa ya bar kaɗan domin jijiyar harshe, wadda ke kwance gaba kaɗan. Ta kunci kuma a yi mata tata allurar a gefen turame.

Zurfin nan shi ne ma'auni. In allura ta taɓa ƙashi da wuri, ta yi gaba da yawa, magani ba zai kai ƙofa ba. In kuwa ta shige ba ta taɓa kome ba, ta yi baya, kuma tana iya faɗawa cikin ma'ajiyar miyau da ke gaban kunne, wadda ke kumbura in yaro ya yi hangum. Jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta ratsa. In magani ya same ta, sai rabin fuska ya saki, ido ya ƙi rufuwa. Abin da ban tsoro, amma yakan wuce cikin 'yan sa'o'i. A rufe idon, a kwantar wa majinyaci da hankali.

Bayan minti uku zuwa biyar sai a tambayi manomin leɓensa. In rabin leɓen ƙasa na hagu ya yi nauyi, magani ya kai jijiyar cikin ƙashi, domin reshenta na ƙarshe yana fitowa ta wata ƙofa a ƙarƙashin ƙananan turame ya shiga leɓe da haɓa. In harshe kaɗai ya mutu, leɓe yana nan garau, to jijiyar harshe aka samu, an kuskure babbar. A ganina wurin da ɗalibi zai fi nuna ya fahimta shi ne nan: leɓen da bai mutu ba shaida ce allura ba ta ci ba, amma leɓen da ya mutu ba shaida ce haƙori ya mutu ba.

Dalili kuwa manominmu ya zo a makare. Inda kumburi da mugunya suka taru, nama yakan yi tsami, maganin ya kasa shiga jijiya, ita kanta jijiyar kuma ta riga ta harzuƙa. Har wa yau, a wasu mutane wata ƙaramar jijiya ta ƙarƙashin harshe, mai suna mailohayod, takan kai ji ga wannan turmi ta bayan fage. Saboda haka kafin a ɗauki abin cirewa, a taɓa dasashi ciki da waje da tsinken ƙarfe, a kuma gwada haƙorin kansa. In da sauran ji, a ƙara magani a tsakanin saiwa da ƙashi, ko a sake tare jijiyar daga sama. Amma kada a soka allura ta cikin mugunya, domin tana iya tura cutar zuwa cikin nama mai lafiya.