Rahoton Gwamna Lugga: Me Za Mu Ɗauka, Me Za Mu Bari?

'Yan'uwa ɗalibai, a rahoton da Gwamna Lugga ya aika Landan, ya ce a 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rubuto masa cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Kafin mu karɓa, mu bincike shi yadda muke binciken mai ruwaya: wa yake faɗa wa, me kuma yake nema? Manyansa na Landan ba su ɗokin sabon yaƙi, shi kuwa yana neman hujjar kai hari. Ga shi kuma ba a ga asalin wasiƙar ta Larabci ba, sai fassarar Turanci. To, nan dole mu yi hattara.

Amma fa ba za mu watsar da rahoton ba. Abin da ba ya da riba in ya murɗe shi, muna ɗauka, kamar cin Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ran 15 ga Maris. Sauran labarin kuwa sai mu auna shi da Risalar Waziri Buhari, wanda ya ga abin daga ɓangaren Sakkwato. Son zuciyar Lugga ma shaida ne, domin yana nuna mana yadda aka ƙulla hujjar mamaya.